Tallar Daƙiƙa 30 ga Mai Shago a Jere

Mai shago a bakin titin Jere, inda motocin Abuja zuwa Kaduna ke haɗuwa da masu nufar Kwoi da Kafanchan, ba ya kallon talla a zaune. Hannu ɗaya na miƙa kaya, ɗaya na riƙe da waya. Don haka duk wanda zai tallata masa manhajar kasuwanci, ya ɗauki aiki ɗaya tak daga cikin ayyukanta ya nuna shi a wuri ɗaya.

Wane aiki? A ganina, tabbatar da shigowar kuɗi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki ya koma taransifa, na'urorin Moniepoint da OPay suka cika tebura, alat ɗin bogi kuma ya zama ruwan dare. Ciwon da mai shago ya sani ke nan, ba sai an yi masa bayani ba.

Ga yadda rubutun zai tafi. Daƙiƙa 5 na farko babu kiɗa, babu sunan kamfani. Direba na danna hon, fasinja ya ɗauki kayan naira 18,500, yana nuna fuskar wayarsa ga yaron shago: "Ɗan'uwa, na tura, ga shaida." Maigida ya tafi kasuwa, alat kuma wayarsa yake zuwa. Daga daƙiƙa 6 zuwa 20 kyamara ta tsaya cak a kan na'urar shagon, yaron ya duba, adadin kuɗin ya fito da sunan mai turawa. "Sun shigo, Alhaji. Allah ya kiyaye hanya." Wannan tsakiyar ce tallar, kada a gaggauta ta. Daƙiƙa 10 na ƙarshe murya ta faɗi sunan manhajar da abu guda da mai kallo zai yi, misali lambar da zai kira.

Gaba ɗaya maganar kada ta wuce kalma 60, kuma a yi ta da Hausar kasuwa wadda Bahaushe da Koro da Gbagyi ke ciniki da ita.

Inda ake tafka kuskure shi ne maigidan manhajar ya nace sai an cusa lissafin kaya da littafin bashi, tunda ai ya biya kuɗin tallar. Su jira tasu tallar. Sai kuma alƙawarin "nan take", alhali kowa ya san sabis kan ɗauke. Doka ma ta tanadi hukumar ARCON ta tantance talla kafin a sake ta.

Kafin a kai can, a kashe sautin a nuna wa wani mai shago sau ɗaya, a tambaye shi me manhajar take yi. In ya fara ba da labarin direban, a sake rubutu.