Iskar da ke rage wa jirgi awa guda tsakanin New York da Landan

Duk wanda ya duba jadawalin jiragen da ke zirga-zirga tsakanin New York da Landan zai ga wani abin mamaki. Zuwa Landan ana rubuta masa kimanin awa 7, komawa New York kuwa kimanin awa 8. Jirgin ɗaya ne, nisan ma ɗaya ne, wajen kilomita 5,550. Wasu kan ce ai duniya ce ke juyawa a ƙarƙashin jirgin, amma ba haka ba ne, domin iskar da jirgin ke ciki tare da duniyar take juyawa. Abin da ya kawo bambancin wata iska ce mai tsananin gudu da masana yanayi ke kira jet-sitirim.

Tana kaɗawa ne can sama, tsakanin kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, daidai inda jiragen fasinja ke tafiya. Asalinta shi ne haɗuwar iska mai sanyi ta yankin ƙanƙara na arewa da iska mai ɗumi ta kudu. Bambancin zafin nan ne ke ingiza iskar sama ta nufi arewa, juyawar duniya kuma ta karkatar da ita gabas, sai ta zama siririn zirin da ke gudu daga yamma zuwa gabas. Faɗinsa 'yan ɗaruruwan kilomita ne, kaurinsa 'yan kilomita kaɗan. A lokacin sanyi, sa'ad da bambancin zafin ya fi tsanani, gudun tsakiyarsa kan wuce kilomita 300 a awa. Ba ya zama wuri ɗaya: yau ya lanƙwasa arewa, gobe ya gangaro kudu, jibi ya rabe biyu.

Jirgi a cikin iskar nan kamar kwalekwale ne a kogi. Tuƙin ɗaya ne, amma mai bin ruwa ya fi mai haurawa saurin isa. Babban jirgin fasinja yana keta iska da gudun kimanin kilomita 900 a awa. In babu iska ko kaɗan, zai cinye kilomita 5,550 cikin awa 6 da minti 10. A ce iska ta turo shi ta baya da kilomita 150 a awa a tsawon tafiyar: gudunsa a kan ƙasa ya zama 1,050, ya isa cikin awa 5 da minti 17. Da ya juyo ya fuskance ta, gudunsa ya faɗo 750, tafiyar ta zama awa 7 da minti 24.

A lura da kyau, ribar zuwa minti 53 ce, asarar dawowa kuwa minti 74. Iskar ba ta mayar da duk abin da ta karɓa, saboda jirgi ya fi daɗewa yana fama da ita fiye da yadda yake morar ta. A nan ne aikin mai tsara tafiya ya taso, mutumin da fasinja ba ya gani ko sau ɗaya. Yana zaune a ofishin kamfani gaban kwamfutoci, kuma a Amurka doka ta ɗora masa alhakin tafiyar tare da kyaftin: jirgi ba ya tashi sai su biyun sun amince da tsarin.

Sa'o'i kafin tashi, yakan buɗe hasashen iskar sama da cibiyoyi biyu na duniya, ta Landan da ta Washington, ke fitarwa kowace awa 6. Hasashen na nuna gudun iska da inda ta dosa a kowane mataki na sama. Kwamfuta ta gwada hanyoyi masu yawa, shi kuma ya auna ya zaɓa. Abin da yake nema ba hanya mafi gajarta ba ce, hanya mafi arha a lokaci da mai yake nema. In jirgin gabas za shi, ya saka shi cikin zirin iskar ko da an ɗan yi zagaye. In yamma za shi, ya kauce mata.

Mu koma ga jirgin da zai dawo New York. Miƙaƙƙiyar hanya ta ba mu awa 7 da minti 24. Sai mai tsarawa ya ga cewa in aka haura arewa, ta kusa da kudancin Greenland, nisan zai ƙaru zuwa kilomita 5,800, amma iskar gaba ba za ta wuce 50 ba. Gudun ƙasa ya zama 850, tafiyar ta koma awa 6 da minti 49. An ƙara kilomita 250, an rage minti 35. Jirgi irin Boeing 777 yana ƙona kusan tan 7 na mai a awa, wato an tsira da wajen tan 4 a tafiya ɗaya. Shi ya sa taswirar da ke gaban kujerar fasinja kan nuna jirgi yana bi ta kan ƙanƙara, har mutum ya yi zaton an ɓata hanya.

To, amma kowane kamfani hasashe ɗaya yake karantawa, kowa kuma hanya ɗaya yake so. Saboda haka ake shata layuka a kan Tekun Atlantika sau biyu kowace rana. Kamfanoni su aika hanyoyin da suka fi so, cibiyar Gander ta Kanada ta shata layukan dare na masu zuwa Turai a jikin zirin iskar, cibiyar Shanwick da ke Prestwick a Scotland ta shata na rana nesa da shi. Kowane layi da harafinsa: na yamma su fara daga A, na gabas daga Z. Layin da ya fi iska mai kyau shi ya fi cunkoso, don haka wani jirgin ba ya samun tsayin da ya nema, a bar shi ƙasa-ƙasa inda injin ya fi shan mai. Ƙwararren mai tsarawa kan haƙura da layi na biyu in ya san a can zai sami tsayin da yake so.

Akwai kuma haɗarin da ke gefen zirin, musamman ɓangarensa na arewa, inda gudun iska ke sauyawa ƙwarai cikin ɗan tazara. A nan ake samun girgiza cikin sararin da babu ko gajimare, kuma radar jirgi ba ta ganin ta, domin ɗigon ruwa take hangowa. Ana gane wurin ne ta taswirar hasashe da rahoton matuƙan da suka riga wucewa. A ganina wannan ne ma'aunin gwani: ya san lokacin da minti 10 na riba bai kai a jijjiga mutum 300 ba.

Hasashe ma yakan kuskure. Shi ya sa ake ɗaukar mai na ko-ta-kwana, galibi kashi 5 cikin 100 na man tafiyar, ban da na zuwa wani filin jirgi da na shawagin minti 30. A hanya matuƙa na kwatanta man da ya rage da wanda takarda ta ce ya kamata ya rage a kowane zango. In giɓin yana ƙaruwa, iska ta fi yadda aka zata. A shekarun da iskar sanyi ta yi tsanani, jirage masu gajeren zango irin Boeing 757 da suka taso daga Turai sun sha sauka a Gander ko Goose Bay su sha mai.

Idan ta yi daɗi kuwa, ga abin da ya faru a Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara. Boeing 747 na British Airways ya tashi daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, gudunsa a kan ƙasa har ya haura kilomita 1,300 a awa. Bai wuce gudun sauti ba, domin a cikin iskar da ke ɗauke da shi tafiyarsa ta kullum yake yi.

Mai tashi daga Kano ko Abuja zuwa Landan ba zai ga irin wannan bambanci ba. Hanyarsa kudu zuwa arewa ce, yana ratsa zirin da ke saman Afirka ta Arewa ne ta gefe, don haka zuwa da dawowa kusan lokaci ɗaya suke ci.