Kafin a biya kuɗin kwas: yadda ake gano ainihin abin da ma'aikaci bai iya ba

Daga Maraɗi zuwa Damagaram, Tawa da Yamai, tallar kwasa-kwasan koyon sana'a ta cika wayoyin matasa: haɗa sola cikin mako biyu, gyaran waya cikin wata guda, kwamfuta cikin wata uku, kowanne da takardar shaida a ƙarshe. Sau da yawa kuɗin daga aljihun mai shago suke fitowa, ko daga wani ɗan'uwa da ke ci-rani a Aljeriya, Libiya ko Abijan. Abin da ke ba masu biya takaici shi ne a gama kwas, a rataye takarda a bango, aikin kuma ya ci gaba da lalacewa kamar da.

Masu harkar horar da ma'aikata suna da matakin da suke bi kafin a fitar da ko dala guda. Suna kiran sa binciken buƙatar horo: a auna tazarar da ke tsakanin aikin da ake so da aikin da ake samu, sannan a gano ko rashin iyawa ne ya jawo tazarar ko wani abu dabam.

Tsarin ya daɗe. A 1961 wasu masana biyu na Amurka, William McGehee da Paul Thayer, sun raba binciken hawa uku: a dubi ma'aikatar gaba ɗaya, a dubi aikin kansa, sannan a dubi mutumin da ke yin sa. A 1970 Robert Mager da Peter Pipe suka ja hankali kan cewa ba kowane kuskure ne horo ke gyarawa ba. Idan ma'aikaci ya san yadda ake abu daidai amma bai yi ba, to matsalar tana wurin kayan aiki, ko umarni, ko lada, ko lokaci. Tura shi aji ɓarnar kuɗi ce.

Sana'ar haɗa sola ta dace da gwada wannan tsari, domin jama'a sun ƙara karkata gare ta tun da Najeriya ta katse wa Nijar wutar lantarki a watan Agustan 2023. A ɗauki misalin wani shago mai ma'aikata 6. Alƙaluman na misali ne, amma irin lissafin da kowane mai shago zai iya yi ke nan da littafinsa. Cikin wata 3 shagon ya haɗa wa gidaje 40 sola, gidaje 12 kuma suka sake kira suna ƙorafi. Maigidan shagon ya yanke shawarar tura duka yaransa kwas na mako biyu, jika 75 kowane mutum. Jimla jika 450 na sefa ke nan, ban da cinikin da zai rasa idan shago ya zauna ba ma'aikata.

Hawa na farko: mene ne ke lalacewa?

Binciken ba ya farawa da tambayar yara kwas ɗin da suke so. Yana farawa da gidaje 12 ɗin nan. A ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, a rubuta abin da aka tarar, da wanda ya yi aikin, da kayan da aka saka.

Da aka yi haka, ƙorafin ya rabu gida uku. A gidaje 5 batir ba ya kai asuba, wuta na ɗaukewa tsakar dare. A gidaje 4 wayar da ke tsakanin batir da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, tana zafi har robarta ta fara narkewa. A sauran gidaje 3 haɗin ba shi da aibi: wani ya ƙara firji bayan an gama aiki, biyu kuma ƙurar hunturu ta rufe allunansu, ba wanda ya gaya masu a riƙa gogewa.

Tun a nan an ga cewa "yaran ba su iya aiki ba" magana ce mai faɗi da yawa. Matsaloli uku ne, kuma ba lalle maganinsu ya zama ɗaya ba.

Hawa na biyu: me aikin ke buƙata?

Sai a warware aikin daki-daki, tun daga zuwa gida a ƙidaya kayan wuta, zuwa lissafin girman batir da alluna, zaɓen waya, ɗaurewa, gwadawa, har zuwa yi wa mai gida bayani. A kowane mataki a rubuta yadda aiki mai kyau yake, da alƙalami, ba da ka ba.

Lissafin batir shi ne abin da ya shafi gidaje 5 na farko. A ce gida yana da ƙwan fitila 4 masu wat 10, suna ci awa 5: wat-awa 200 ke nan. Fanka mai wat 60 na awa 8 tana cin 480. Talabijin mai wat 50 na awa 4 yana cin 200, cajin wayoyi kuma a ce 20. Jimla wat-awa 900 a dare. Idan aka raba da bolt 12 na batir, za a samu 75. Wanda ya tsaya a nan zai ga batir mai rubutun 100Ah ya isa har da rara.

Amma batir na dalma, wanda aka fi samu a kasuwa, ba a son a sha fiye da rabin cajinsa kullum, in ba haka ba zai mutu da wuri, balle a zafin watan Afrilu da Mayu. Don haka sai a ninka 75, a samu 150Ah. Da yake inbata ma tana cin nata rabo, mai hankali zai haura sama da haka. Wannan ninkawar ita ce ƙa'idar da za a gwada ma'aikata a kanta.

Waya ma tana da tata ƙa'ida. Kaya masu wat 600 suna jan amfiya 50 daga batir mai bolt 12, alhali a wutar gida mai bolt 220 ba su kai amfiya 3 ba. Siririyar wayar da ke isar fitilun ɗaki ba za ta ɗauki amfiya 50 ba tare da ta yi zafi ba.

Hawa na uku: wa ya iya, wa bai iya ba?

Nan ne aka fi yin kuskure, domin yawanci takardar tambayoyi ake rabawa, kowa ya faɗi abin da ya iya. Yaron shago ba zai ce wa maigidansa bai iya ba, yana tsoron a rage masa matsayi. Wani kuma zai ce yana buƙatar kowane kwas, musamman idan akwai kuɗin zama da ake ba mahalarta. Abin dogaro shi ne gwaji da hannu.

A shagon misalin, mutum 2 ne kawai cikin 6 ke zuwa gidaje yin lissafi. Aka ba kowannensu jerin kayan gidan nan, da biro da takarda. Na farko ya kai 150Ah, na biyu ya tsaya a 75 ya zaɓi batir mai 100Ah. Da aka koma littafi, duka gidaje 5 da wuta ke ɗaukewa na biyun ne ya yi lissafinsu. Wannan gibi ne na sani, kuma horo zai cike shi. Amma na mutum ɗaya ne, a kan abu ɗaya.

Gwajin waya ya ba da amsa dabam. Aka ajiye wayoyi masu kauri iri-iri, aka ce kowa ya zaɓi wadda zai saka tsakanin batir da inbata. Mutum 5 cikin 6 suka ɗauki mai kaurin da ya dace. Da aka tambayi dalilin da ya sa ba ita suke sakawa ba, sai ya fito fili cewa siririya ce kawai ake sayowa shagon saboda arha, kuma babu filayar matse kan waya, da hannu suke murɗawa. Ko kwas goma suka yi, da abin da ke cikin shago za su yi aiki. Gyaran nan yana hannun mai sayen kaya, wato maigidan da kansa.

Gidaje 3 na ƙarshe kuwa ba su buƙaci aji ba. Takarda guda ta isa, a rubuta kayan da solar za ta iya ɗauka da yadda ake goge alluna, ma'aikaci ya karanta wa mai gida kafin ya tafi.

Abin da lissafi ya nuna

Cikin ƙorafi 12, guda 5 ne kawai ke da alaƙa da rashin sani. Ko da maigidan ya tura mutum 2 kwas, mai kuskuren da wani da zai zama madadinsa, jika 150 zai kashe maimakon 450. Yana iya ma fara haɗa mai kuskuren da abokin aikinsa da ya iya, su yi lissafin gidaje kaɗan tare. Ragowar kuɗin su tafi ga waya mai kauri da filaya. Bayan wata 3 a sake ƙidaya gidajen da suka kira. Idan na batir sun ragu, horon ya yi aiki. Idan ba su ragu ba, sai a binciki ingancin batiran da ake sayowa, domin ba kowane batir ne ke ɗauke da ƙarfin da aka rubuta a jikinsa ba.

Inda binciken ke tuntuɓe

Wannan hanya tana da iyaka. Littafin ƙorafi yana nuna abin da ya riga ya faru ne kawai. Idan shagon na shirin fara saka batiran litiyam, waɗanda ake iya shan cajinsu fiye da rabi kuma suke da nasu tsarin caji, ko yana son shiga aikin famfon sola na garake, to akwai gibin da ba zai bayyana a littafi ba. Dole maigida ya faɗi inda ya dosa cikin shekara mai zuwa.

Sannan a kula da wanda ke yin binciken. Idan cibiyar da ke sayar da kwas ce ta zo auna buƙata, da wuya ta ce ba a buƙatar kwas. Haka kuma idan yara suka fahimci gwajin hanyar kora ce, za su ɓoye kurakurai, littafin ma ya daina faɗin gaskiya. Ya kamata a gaya masu tun farko abin da za a yi da sakamakon.

Ga ɗan ci-rani da ƙanensa ya kira yana neman kuɗin kwas, hawa ukun suna nan daram. Wane aiki yake so ya samu bayan kwas, kuma a wane shago? Masu shagunan wannan sana'a a garin, me suke gwada sabon yaro a kai kafin su ɗauke shi? Cikin abubuwan, wanne ya riga ya iya? Ziyarar shaguna uku ko huɗu za ta amsa waɗannan tambayoyi. Wani lokaci amsar kwas ce, kuma a nan yana da kyau a fara tambaya a cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati da ofishin asusun FAFPA, mai tallafa wa horon sana'a a Nijar, kafin a biya mai zaman kansa. Wani lokaci kuma yaron ya iya aikin, abin da ya rasa shi ne na'urar auna wuta da akwatin kayan aiki, waɗanda kuɗin kwas ɗin za su iya saya masa.