Baƙin Tabo Ko Hudar Ƙuda? Yadda Ake Gane Abin Da Ya Ɓata Mangwaro

Da zarar ruwan farko ya sauka, masu lambun mangwaro da 'yan kasuwar 'Yan Lemo a Kano sukan shiga kuka iri ɗaya: an cika kwando da mangwaro lafiyayye, bayan kwana uku an buɗe an tarar ya fara ruɓewa. Sai a ce "ciwo ya kama shi", a garzaya wurin mai maganin feshi. Alhali abokan gaba biyu ne, kuma maganin ɗaya ba ya taɓa ɗayan.

Na farko cutar funfuna ce da malaman gona ke kira antaraknos. Tun itacen yana fure take kama shi, musamman idan akwai ruwa ko raɓa mai yawa, sai ta kwanta a cikin ɓawon ɗanyen mangwaro ba tare da wata alama ba. Sai ya fara nuna sannan ta farka. Shi ya sa ɗan kasuwa yakan zargi mai lambu da ha'inci, bayan kuwa mai lambun bai ga komai ba ranar da ya tsinka. Na biyu ƙudan 'ya'yan itace ne. Akwai na gida da aka daɗe da sani, akwai kuma baƙo daga Asiya da aka fara gani a Kenya a 2003, wanda cikin 'yan shekaru ya mamaye Afirka ta Yamma. Macen takan huda ɓawo ta zuba ƙwai a ƙarƙashinsa, cikin kwana biyu zuwa uku su ƙyanƙyashe, tsutsotsin su nutsa cikin tsoka.

Mu ɗauki mangwaro biyu daga kwando ɗaya. Na farko yana da baƙaƙen tabo masu faɗi, wasu sun haɗe da juna, sun ɗan lotsa ciki, galibi daga wajen kara. Wani lokaci za ka ga tabon ya jeru daga sama zuwa ƙasa kamar sawun hawaye, domin ruwan sama ne ya gangaro da ƙwayar cutar daga reshe. In ya kwana cikin danshi, tsakiyar tabon kan fito da ɗigo-ɗigo masu launin ruwan hoda. Sa wuƙa ka fere wurin. Idan abin bai yi nisa ba, ruɓar ba ta wuce ɓawo da ɗan abin da ke ƙarƙashinsa ba, sauran tsokar garau take. Wannan antaraknos ce.

Na biyun kuwa kyakkyawa ne, shi mai saye zai fara kai wa hannu. Amma juya shi a cikin haske. Za ka ga ɗan ɗigo kamar sukar allura, wani lokaci da busasshen danƙo a bakinsa, kewayensa ya riga sauran jikin yin rawaya ko ya yi ruwan ƙasa. Danna wurin da babban yatsa. Zai lotsa luɓus alhali sauran jikin da tauri, har ruwa ya tsattsafo ta hudar. Yanka shi, ka tarar da tsoka ta dame ta yi tsami, da fararen tsutsotsi marasa ƙafa, tsawonsu bai kai santimita ɗaya ba, manyan har tsalle suke yi. A ganina gwajin yatsa da wuƙa ya fi na ido: antaraknos muninta a waje yake, ɓarnar ƙuda kuwa a ciki take.

Inda ake rikicewa shi ne idan hudar ta kwana biyu, domin ruɓa kan shiga ta nan ta baƙanta wurin, har ya yi kama da tabon funfuna. Kada a yanke hukunci da mangwaro ɗaya. A yanka guda goma, a haɗa da waɗanda suka faɗo ƙasa, domin wanda ƙuda ya huda yakan faɗo tun lokacinsa bai yi ba.

Idan funfuna ce, feshi bayan tabo ya fito asarar kuɗi ne. Aikin na lokacin fure ne: a sassare busassun rassa don iska ta ratsa, a fesa maganin funfuna mai sinadarin jan ƙarfe. Bayan tsinka kuma, tsoma mangwaro minti 5 a ruwa mai zafin digiri 52 yana rage ta sosai, amma sai da ma'aunin zafi, in ba haka ba ɓawon ya ƙone.

Idan ƙuda ne, tsutsar tana ciki inda feshi ba ya kaiwa. Bayan kamar mako ɗaya zuwa biyu takan fito ta shige ƙasa, daga can ta taso sabon ƙuda. Don haka manomi ɗan'uwa, kada ka bar mangwaro ya kwana biyu a gindin itace. Tsince shi, ka ƙulle a baƙar leda ka ajiye a rana, ko ka binne shi a rami mai zurfin aƙalla rabin mita, kuma ka roƙi maƙwabcin lambunka ya yi haka.