Agogon da Ya Tsaya: Bambancin Sani da Yarda

Sau da yawa mukan ce "na sani" alhali abin da muke nufi shi ne "na ɗauka haka ne." Mu lura tun farko cewa yardar da muke magana a kanta a nan ba bangaskiya ba ce, wato dogara ga Allah. Ma'anarta kawai mutum ya ɗauki wata magana a kan cewa gaskiya ce.

Tun zamanin Aflatun, masanin falsafa na Helenawa, ake neman abin da ya raba biyun nan. Amsar da ta fi yaɗuwa ita ce, sani yana da sharuɗɗa uku: mutum ya yarda da maganar, maganar ta zama gaskiya, kuma yana da ƙwaƙƙwaran dalili. Yarda takan yi kuskure, amma ba a sanin abin da ba haka yake ba. Wanda kuma ya canka ya dace, ba shi da dalili, sa'a ce ya taka.

To, ko ukun nan sun isa? Ga misalin da Bertrand Russell ya kawo a 1948. A ce mun shiga ofis mun dubi agogon bango, ya nuna ƙarfe biyu. Agogon bai taɓa ruɗin mu ba, don haka muna da dalili. Mun yarda ƙarfe biyu ne, kuma hakika ƙarfe biyun ne. Ashe agogon ya tsaya tun ƙarfe biyun dare, mu kuwa muka dube shi daidai ƙarfe biyun rana. Sharuɗɗan duka sun cika, amma da wuya a ce mun san lokaci, domin da mun shigo da ƙarfe uku, da ƙarfe biyun dai za mu ce. Dalilinmu da gaskiyar maganar ba su da alaƙa, haɗuwa kawai suka yi. A 1963 Edmund Gettier ya tabbatar da wannan rauni cikin wata 'yar maƙala mai shafi uku, har yau masana ba su daidaita kan maganinsa ba.

Duk da haka akwai tambayar da muke ganin tana taimako: da abin ba haka yake ba, da za mu gane? A ce mutum uku sun kawo mana ƙara cewa ma'aji ya taɓa kuɗin ikilisiya. Baki uku kamar dalili ne mai ƙarfi. Amma idan duk daga bakin mutum ɗaya suka ji, mai shaida ɗaya ne, kuma ko ma'ajin bai taɓa ko kwabo ba, abin da za su faɗa ke nan. Ko da zargin ya tabbata daga baya, a ranar nan yarda muka yi, ba mu sani ba. Littafin kuɗi da takardun banki dabam suke, domin da kuɗin yana nan cif, da lissafin ya nuna.