Shinkafar jiya: yadda ake soya ta da ƙwai da kayan lambu

A Mada, a jihar Zamfara, shinkafar da ta kwana kan koma ɗumame da mai da yaji. Tana da wata hanyar da ta fi daɗi, wato suya, domin tsabarta ta sha iska ta daina mannewa. Wadda aka sauke yanzu kuwa caɓewa take yi a kasko.

Sharaɗin yana wajen ajiya. Akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashewa, kuma tana yaɗuwa idan shinkafa ta daɗe a tukunya cikin ɗumi. Ki baza shinkafar a faranti ta huce, ta shiga firij kafin awa biyu. Idan babu wuta ta kwana a waje, musamman da bazara, ki haƙura da ita. Ba kullum gamsi ko yauƙi ke nuna ɓaci ba, suya kuma ba ta kashe gubar da ƙwayar ke fitarwa.

Ga kofi uku na shinkafa, ki tanadi ƙwai biyu, albasa ɗaya, karas ɗaya, attaruhu biyu da cokali biyu na man gyaɗa. Ki fara soya ƙwan, ki dagargaza shi, ki kwashe. Albasa, karas da attaruhu su yi minti uku, sannan shinkafar, bayan kin warware curinta da hannu. Wuta ta yi ƙarfi, ki riƙa juyawa har tururi ya tashi ta ko'ina. Gishiri, dunƙule da ƙwan su shiga a ƙarshe.

Abin da ya ragu kada a sake ɗumama shi.