«A yi mini tambari mai kyau»: me ya sa mai zane yake fara yin tambaya?

Masu zane a kwamfuta, daga Maraɗi har Yamai, sun saba da wannan saƙo: «A yi mini tambari mai kyau, zuwa gobe.» Wanda ya san aikinsa ba ya kama zane nan take, sai ya fara tambaya. Wani mai aikin yana jin haushi, yana ganin ana ja masa rai ne. Amma «kyau» ba umarni ba ne da za a iya aiki da shi, domin tambarin da ya dace da shagon magani ba zai dace da mai kilishi ba.

A ɗauki misalin wata ƙungiyar mata masu yin man gyaɗa. Shugabar ƙungiyar ta nemi tambari, ba ta ƙara komi ba. Mai zanen ya ce: «Hajiya, a ina za a sa shi, kuma wa kuke so ya gan shi?» Sai ga shi wuri huɗu ne: takardar da ake mannawa a butalin mai, hatimin buga rasit, hoton lambarsu ta WhatsApp, da allon ƙofar shago. Masu sayen kuwa matan gida ne, da yawansu ba su karanta boko ba. Ke nan hoto ne zai yi magana kafin rubutu, kuma dogon sunan ƙungiyar da Faransanci ba shi ne zai zama tambarin ba.

Wannan tambaya ta wurin sawa ita ce ta fi nauyi, don kowane wuri da sharaɗinsa. Hatimi mai zagaye faɗinsa bai cika wuce santimita 4 ba, kuma tawada ɗaya yake sha. Duk wata inuwa, da launin da yake narkewa cikin wani, da siraran layuka, za su cuɗe su zama tabo. WhatsApp yana yanke hoto ya mai da shi da'ira, saboda haka tambari mai tsawo a kwance zai rasa farko da ƙarshen sunansa. Allon ƙofa kuma sau da yawa mai fenti ne zai zana shi da hannu. Abin da burushinsa ba zai iya kwaikwayo ba, sai ya canza shi yadda ya ga dama.

Da aka zo kan launi, Hajiya ta zaɓi ruwan ɗorawa, tunda shi ne kalar mai. Tunanin ba laifi, sai dai butalin na roba ne garai-garai, man da ke ciki shi ma ruwan ɗorawa ne, tambarin zai ɓace a kansa. Aka tsaya kan tsanwa mai duhu bisa farar takarda, ɗorawar ta zama ɗan ɗigon mai kawai. Akwai kuma abin da ke jawo gardama ranar karɓar kaya: waya da haske take nuna launi, injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake haɗa shi, don haka tsanwar da ke ƙyalli a waya takan fito a dushe a takarda. Maganinsa a buga gwaji ɗaya a duba kafin a ba da odar dubu. In kuma za a buga a leda ko riga, yawanci kowane launi da nasa zubin, da nasa kuɗin.

Salo shi ne mafi wuyar faɗa da baki. Kowa cewa yake «na zamani», kuma kowa da abin da yake nufi. Shi ya sa mai zanen ya ce ta kawo kaya uku daga kasuwa waɗanda tambarinsu ya burge ta, da ɗaya da ba ta so. Ukun duk masu manyan haruffa ne da hoto guda. Na huɗun hoton mace ne ɗauke da ƙwarya, ta ce wasu daga cikin matan ba za su yarda da zanen mutum ba. Da bai tambaya ba, shi ne abin da zai fara zanawa.

Abin da ya fito a ƙarshe kwanson gyaɗa ne guda da ɗigon mai a ƙarƙashinsa, sai gajeren suna. Kafin a biya cikon kuɗi aka gwada shi: aka rage shi zuwa santimita 2, aka yi masa fotokofi baƙi da fari, aka kuma kafa shi a bango aka ja da baya taku goma. Sai ƙaramin rubutun «man gyaɗa tsantsa» ya ƙi karantuwa, aka cire shi daga tambarin aka mai da shi jikin takardar butali.

Saura karɓar aikin. Hoton da aka turo ta WhatsApp an matse shi, in aka buɗa shi ya kai girman allo sai ya farfashe. Mai zanen ya ba ta ainihin zanen a SVG, wanda ake ƙara wa girma ba ya lalacewa, da PNG marar bango don waya, da kwafin baƙi da fari na mai yin hatimi.