Yatsu Sun Tuna, Kai Ya Manta: Yadda Makaɗin Jita Ke Gano Waƙar da Ta Ɓace Masa

Wani abokina makaɗin jita ya zo mini da wata damuwa ran nan. Akwai waƙar da ya koya shekarun baya, sunanta ya kwanta masa, baitocin ma sun tafi. Amma da ya rungumi jitar, sai yatsunsa suka faɗa wurare huɗu da kansu: C, G, Am, F. Ya ce, "Malam, wannan kaɗai ya rage mini."

Waɗannan haruffa sunayen kod ne, wato sauti uku ko fiye da ake kaɗawa tare idan an danne tsirkiyoyi. Jerin kod shi ne yadda suke bin juna a cikin waƙa. Ki kuwa shi ne gidan waƙar, sautin da take komawa ta huta a kansa.

Abin da muka fara nema ke nan: ina gidan? Na ce ya kaɗa jerin ya tsaya a kan G. Sai muka ji abin a rataye, kamar mai magana da aka katse. Da ya tsaya a kan C, sai kunne ya natsu. To, gida C ne. Wannan gwaji ba wasa ba ne, domin da gidan Am ne, kuma daga nan ake farawa, da mun shiga wani dangin waƙoƙi dabam, irin su "Zombie" ta Cranberries ta 1994, wadda ke bin Em, C, G, D.

Daga nan sai a mai da haruffa lambobi. Ana ƙirgawa daga gida: C ɗaya, D biyu, E uku, F huɗu, G biyar, A shida. Jerin abokina ya zama 1-5-6-4. Amfanin lamba shi ne, ko an ɗaga waƙa sama ko an sauke ta ƙasa don ta dace da muryar mawaƙi, haruffa ne ke canzawa, lambobin suna nan.

Sai dai 1-5-6-4 tamkar sunan Muhammadu ne a kasuwar Kurmi, kana kira mutane da yawa za su waigo. Uku suka fara zuwa mana: "Let It Be" ta Beatles ta 1970, "No Woman, No Cry" ta Bob Marley ta 1974, da "With or Without You" ta U2 ta 1987. Biyun farko a C aka saba kaɗa su, ta ukun kuwa a D take, da D, A, Bm, G.

Kada a yi saurin kore ta ukun don ki ya bambanta. Akwai kafo, ɗan maƙallin da ake ɗaurawa a wuyan jita don ɗaga sauti. Idan aka ɗaura shi a gaɓa ta biyu, yatsu za su riƙe C, G, Am, F, amma abin da ke fita D, A, Bm, G ne. Saboda haka ki ɗin da yatsu suka tuna shaida ce mai rauni. Na tambaye shi ko yana sa kafo a lokacin, ya ce bai mallake shi ba ma.

Abin da ya raba gardama shi ne abin da ke biyo bayan kod na huɗu. A waƙar U2, huɗun nan ne ke ta zagayawa kusan daga farko har ƙarshe. A baitin "Let It Be", bayan F ana komawa C, G, F, C. A amshin waƙar Marley kuwa, ana bin C, F, C, sannan G. Na ce ya ci gaba da kaɗawa kada ya yi tunani. Hannunsa ya tafi C, F, C, G. Na kuma lura cewa a G na farko, sautin ƙasa da yake bugawa B ne, yana gangarowa C, B, A kamar mai sauka daga matakala. Wannan gangara alama ce ta waƙar Marley. Da muka kunna ta, kafin amshi ya ƙare ya fara rerawa.

Hanyar tana da iyaka. Jerin kod yana rage yawan waƙoƙin da ake zargi ne kawai, karin waƙar da kiɗanta su ke yanke hukunci. Kuma a kiɗan da ke zama a kan sauti guda, kamar yawancin jitar Ali Farka Touré na Mali, ko gurmi da kuntigi na gida, babu canjin kod ɗin da za a ƙirga sosai, sai a bi kari da salon bugu.

Don haka idan waƙa ta ɓace maka, nemo gidanta, ka mai da haruffa lambobi, ka tuna ko akwai kafo, sannan ka saki hannu ya kai ka abin da ke biyo bayan kod na huɗu. A nan galibi sunan yake ɓoye.